Gashina ya ƙi karɓar rini: wane launi ne ke zama a baƙin gashi?

Salamu alaikum Tanti. Ni matar aure ce, shekarata 26. Gashina baƙi ne mai cika, ban taɓa sa masa man miƙarwa ba. Kamar wata goma da suka wuce na sa baƙin rini irin na cikin leda, domin rana ta sa bakin gashin ya yi ja-ja. Makon jiya na sayi rini na kwali a babbar kasuwa, hoton da ke jiki launin zuma ne, lambarsa 7.3. Da na wanke sai na ga gindin gashin ya yi jawur, tsakiya ya ɗan canza kaɗan, bakin kuwa yana nan baƙi ƙirin. Mai salon ɗinmu ta ce sai an fara sa hodar da ke kore baƙin, amma ƙawata da aka yi wa haka kanta ya koma ruwan goro yana karyewa. Saura mako biyar bikin ƙanena. Don Allah Tanti wane launi zan sa, kuma in yarda a sa mini hodar?

Ƙanwarki daga unguwar Zariya, Maraɗi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, kanki bai lalace ba, kuma mako biyar sun isa a gyara shi in ba a yi gaggawa ba. Amma kada ki bari a sa miki hodar nan a kai gaba ɗaya kafin bikin. Bari in gaya miki dalili, domin in kin gane abin da ya faru a kanki, ke da kanki za ki zaɓi launin, ba sai hoton kwali ya zaɓar miki ba.

Yawancinmu muna ɗaukar rinin gashi kamar fentin bango, wanda ake shafawa ya rufe abin da ke ƙasa. Ya fi kama da rinin tufafi. Ki kai wa marini farin ƙyalle, kowane launi kika ce zai fito miki da shi. Ki kai masa baƙin zane ki ce ya mayar da shi ruwan ɗorawa, zai ce miki sai an fara cire baƙin. Launin da kike gani bayan an wanke kai haɗin abu biyu ne: abin da ya rage na launin gashinki a cikin silin, da kuma rinin da aka ƙara a kansa. Matar da ke jikin kwalin nan, tun asali gashinta mai haske ne.

Masu yin rini sun jera hasken gashi hawa goma. Hawa na 1 shi ne baƙi ƙirin, na 10 kuma fari-fari mai ɗan ruwan ɗorawa. Gashin yawancin matanmu yana hawa na 1 ko na 2. Lambar farko da ke jikin kwali hawan take nunawa, wadda ke bayan ɗigo kuma ita ce ke faɗin inda launin ya karkata. A tsarin da ya fi yawa a kayan da ke zuwa da rubutun Faransanci, 1 bayan ɗigo ruwan toka ne, 3 ruwan zinariya, 4 jan ƙarfe, 5 ja mai duhu irin na makuba, 6 kuma ja sosai. Wasu kamfanoni suna da nasu tsarin, don haka a riƙa karanta sunan launin tare da lambar. Kwalinki ke nan yana neman hawa na 7, ke kuwa kina na 1 ko na 2. Tsakaninku hawa biyar ne ko shida.

To, me ke ɗaga gashi daga hawa zuwa hawa? Wannan farin ruwan mai kauri da ke zuwa a ƴar kwalba, wanda masu salon ke kira oksidan. Shi ne ke shiga cikin silin gashi yana cinye baƙin da aka haife ki da shi. Ƙarfinsa hawa-hawa ne: mai lamba 10 (za ki ga an rubuta 3%) kusan ba ya haskawa, zaunar da launi kawai yake yi. Mai lamba 20, wato 6%, yana ɗaga hawa ɗaya zuwa biyu. Mai lamba 30, wato 9%, biyu zuwa uku. Akwai mai lamba 40, wato 12%, wanda ni ba na yarda ya taɓa fatar kan kowa. Rinin kwali yawanci da mai matsakaicin ƙarfi yake zuwa, kusan lamba 20. Kin ga ke nan, abin da iyakarsa hawa biyu aka tura shi aikin hawa shida.

Abin da ya fi muhimmanci ki riƙe shi ne hanyar da baƙin gashi ke bi in yana haske. Ba ya tashi daga baƙi ya faɗa ruwan zuma. A cikin kowane sili akwai launi iri biyu, baƙi-baƙi mai yawa, da ja-ja mai ruwan ɗorawa da ke ɓoye a ƙarƙashinsa. Baƙin ne ke fara tafiya, jan kuwa yana da taurin kai. Shi ya sa gashi ke fara komawa ja mai duhu, sai ja, a hawa na 5 ja mai ruwan goro, a na 6 ruwan goro sosai, a na 7 ruwan goro mai ɗorawa, sai daga na 8 zuwa sama ya zama ruwan ɗorawa. Kin sha ganin haka a kan yaran da ke yini a rana, da ma bakin gashinki da ya yi ja-ja bara. Hanyar ɗaya ce, ko rana ce ta haska shi ko hoda, ba kuma a tsallake zango ko ɗaya.

Yanzu ki ɗauki madubi ki tsaga gashin a tsakiya, mu karanta shi tare. Gashi yana tsiro kamar santimita ɗaya a wata. A wata goma kina da sabon gashi kamar santimita goma wanda baƙin rinin bara bai taɓa ba. Sai kin ja silin ya miƙe za ki ga tsawon, domin namu yana murɗewa ya ƙanƙance. Santimita ɗaya ko biyu na gindi su ne suka yi jawur, saboda ɗumin fatar kai yana hanzarta aikin oksidan, kuma gashin wurin sabo ne bai gama tauri ba. In kuma da rana kika yi shi, kika ɗaura leda, a zafin nan namu na Maraɗi, to kin ƙara masa wuta. Tsakiyar ba ta samu wannan ɗumin ba, shi ya sa ta ɗan motsa kawai. Bakin kuwa tsohon rini ne a cikinsa, kuma rini ba ya ɗaga rini. Oksidan ɗin da ke cikin kwali yana cin launin halitta, amma ba ya iya fitar da baƙin da aka cusa daga waje. Ko kwali biyar kika juye a bakin gashin nan, baƙi zai tsaya, sai dai ki busar da shi a banza.

Saboda haka launukan da ke zama da kyau a baƙin gashi ba tare da hoda ba su ne waɗanda ke kan hanyar da yake bi da kansa, a hawa na 3 zuwa na 5, kuma masu ja a ciki. Ja mai duhu irin na ruwan soɓo, wanda za ki gani da lamba kamar 4.6 ko 4.62. Ruwan makuba, 4.5 ko 5.5. Ruwan ƙasa mai duhu irin na busasshen dabino, 4.35 ko makamancinsa. A irin waɗannan, jan da gashinki ke tonawa taimako yake yi wa rinin, shi ya sa suke fitowa da cika da sheƙi. Masu ruwan toka kuwa faɗa suke yi da jan, a baƙin gashi sau da yawa ba a ma ganinsu, ko su fito kamar ƙura ta hau kai.

Ni da za ki bi ta tawa, 4.5 ko 4.6 za ki ɗauka. A cikin ɗaki zai yi kamar baƙi mai ɗumi, in kin fito tsakar gida rana ta doke shi sai jan ya bayyana. Kada ki raina wannan. A fatarmu, baƙa ko wankan tarwaɗa, ja mai duhu yana ɗaga fuska fiye da ruwan zuma, kuma in saiwa ta fito bayan wata guda ba ta yin layi mai muni, domin tsakanin hawa na 2 da na 4 babu nisa. Mu da kanmu ke yini cikin kallabi, sai maigida da ƴan uwa mata ke ganinsa, ban ga dalilin sayar da ƙarfin gashi saboda hasken da zai riƙa neman gyara kowane wata ba.

Ga yadda za a yi. Kwana goma na farko ki bar kan ya huta, ki wanke shi da karkashi, ki shafa man kaɗe. A cikin kwanakin nan ki yi gwaji biyu, kuma na farkon ba na wasa ba ne. Baƙin rini da yawancin rini masu duhu suna ɗauke da wani sinadari da ake rubutawa PPD, shi ne kuma ake zubawa a baƙin lallen da ake yi mana zane a hannu da ƙafa. Jiki yana iya karɓarsa shekaru, rana ɗaya ya juya masa baya. Ki kwaɓa ɗan rinin kaɗan yadda takardar cikin kwalin ta ce, ki ɗiga a bayan kunne ko a lanƙwasar gwiwar hannu, ki jira awa 48. In wurin ya yi ƙaiƙayi, ya kumbura ko ya yi ƙuraje, maganar rini ta ƙare. In kuwa baƙin lalle ya taɓa tashin miki bororo a hannu, kada ma ki yi gwajin, ki bar rinin kanti sai kin ga likitan fata. Na ga mace da idanunta suka rufe don kumburi kwana biyu bayan rini. Duk wadda ta ji leɓe ko maƙogwaro na kumbura, ko numfashi na yi mata wuya, a wanke a garzaya da ita asibiti nan take.

Gwaji na biyu na launi ne. Ki yanki ɗan tsaki kaɗan daga ƙeya, tun daga kusa da gindi, ki ɗaure shi da zare. Ki kwaɓa cokali ɗaya na rini da oksidan mai lamba 20, ki tsoma tsakin, ki duba agogo minti 35, ki wanke, ki bari ya bushe, sannan ki fita da shi waje. Kada ki yanke hukunci yana jiƙe ko a ƙarƙashin ƙwan lantarki, jiƙaƙƙen gashi ya fi duhu. In tsakiyar ta yi ja mai duhun da kike so, shi ke nan. In ba ta motsa ba, ki sake gwadawa da mai lamba 30 a wani tsakin.

Ranar rinin, kamar mako biyu kafin biki, kada ya zama ranar da kika yi tsifa. Tsinken tsifa da susa suna barin ƙananan raunuka, oksidan kuwa in ya same su zai yi miki raɗaɗi. Ki tsefe, ki wanke man shanu ko basilin ɗin da ke kai, ki bar shi kwana biyu. A kwaɓa a kwanon roba, ban da na ƙarfe, da awon da aka rubuta a jiki. Wasu ɗaya da ɗaya ne, wasu ɗaya da ɗaya da rabi, wato tub, bututun da ake matso rinin daga ciki, mai mililita 60 ya ci oksidan mililita 60 ko 90. Gashi mai cika irin naki tub biyu za ki tanada, domin rowar rini ita ce ke kawo dabbare-dabbare. A raba kan gida huɗu. A fara da tsakiya, daga inda jan gindin ya ƙare zuwa inda tsohon baƙin ya fara, a jiƙa shi sosai tsaga-tsaga. Gindin ya riga ya yi haske, ba ya bukatar a ƙara ɗaga shi, duhu yake nema. Don haka a kwaɓa masa rinin dabam da oksidan mai lamba 10, a sa shi a minti 15 na ƙarshe. A zauna a inuwa, babu leda, babu na'urar busar da kai. In lokaci ya cika a wanke, kada a ce bari a ƙara masa rabin awa ya fi kamawa, bayan lokacinsa babu abin da yake ƙarawa sai bushewa.

Bakin gashin zai tsaya baƙi, kuma ina so ki yarda da hakan a yanzu. Ja mai duhu da ke gangarawa zuwa baƙi ba abin kunya ba ne, a cikin kitso ma kyau yake yi, kamar da gangan aka tsara shi. Kowane wata biyu ki rage bakin kaɗan, da sannu tsohon rinin zai tafi.

Mai salon ɗinki ba ƙarya ta yi ba. Launin zuma ba ya samuwa a kanki sai da hoda, domin ita kaɗai ke iya kai gashi hawa na 7 ko na 8, ita ce kuma ke iya cin tsohon rini. Sai dai hodar ba ta bambance launi da naman gashin, duka biyu take ci. Gashinmu kuma, duk da cikarsa, kowane murɗi na silin wuri ne mai rauni, a nan yake karyewa. A kai irin naki mai shiyya uku, hodar za ta yi gudu a sabon gashi har ruwan ɗorawa, ta maƙale a ja ko ruwan goro inda tsohon baƙin yake. Sai a ce a sake sawa, a nan ne ɓarna take. Abin da ya samu ƙawarki ke nan a ganina: an wanke a hawa na 6, zangon ruwan goro, ko dai ba a ɗora rini a kai ba, ko an ɗora mai haske da ba zai iya rufe shi ba. Ruwan goro shuɗi ne ke kashe shi, wato rini mai ruwan toka na hawansa, kamar 6.1. Sabulun wanke kai mai launin shunayya da ake tallarsa ruwan ɗorawa yake kashewa, ba ya komai ga ruwan goro. In kuma tana sa man miƙarwa, to karyewar ba abin mamaki ba ce, domin shi ya riga ya sassauta ƙarfin silin, hoda ta zo ta ƙarasa. Ki gaya mata ta jiƙa sili ɗaya ta ja shi a hankali. Lafiyayye yana ɗan miƙewa ya koma. In ya yi ta miƙewa kamar cingam, ko ya tsinke ba ƙara, kada wani sinadari ya sake taɓa wurin, almakashi ne maganinsa.

Akwai abin da ban manta ba tun farkon shigata wannan sana'a. Wata amarya ta zo mini saura kwana huɗu, na tambaye ta ko ta taɓa sa rini, ta ce a'a. Na shafa hoda a tsakin gaba, bayan minti ashirin na buɗe takarda sai na ga gashi ya koma tsanwa-tsanwa kamar gansakuka. Ashe kakarta ta saba kwaɓa mata lalle da baba, ita kuma ba ta ɗauke shi rini ba. Hoda ta cinye baƙin gashin ta bar shuɗin baba a kan ruwan ɗorawa. Dole na rufe shi da ruwan ƙasa mai duhu, tana kuka ina ba ta haƙuri, laifin kuwa nawa ne da ban yi gwaji a tsaki ba. Tun daga ranar nake tambayar kowace mace duk abin da ya taɓa hawa kanta, har da na gargajiya. Ke ma ki tuna da kyau ki gaya wa mai yi miki. Lalle zalla yana ba baƙin gashi ɗan ja da ba a gani sai a rana, ba ya haska shi ko kaɗan, kuma in ya kama ba ya fita. Wasu lallen na kwali kuma ana haɗa su da gishirin ƙarfe, wanda in ya haɗu da oksidan gashin kan yi zafi har ya lalace.

In bayan biki har yanzu ranki na kan ruwan zuma, sai a sa hodar a ƴan tsakuna kaɗan na gaba da sama, a naɗe a takarda ba a taɓa fatar kai ba, da oksidan mai lamba 20, ana buɗewa ana dubawa kowane minti goma. Zama biyu za a yi, da tazarar mako uku ko huɗu, ba a yini ɗaya ba. Kuma a guji watannin hunturu, lokacin da iska ke busar da gashi ko ba a taɓa shi ba.

Jan rini ya fi kowane launi saurin koɗewa, ki san da wannan. Ki wanke kai da ruwa mai ɗan sanyi, sau ɗaya a mako ya isa, ki nisanci sabulun wanki da omo. Man kaɗe a bakin gashi bayan kowane wanki. Kitson biki ki bari sai rinin ya kwana biyar ko mako guda, ki kuma ce wa mai kitso ta sassauta hannu a goshi da gefen kunne. Bayan mako shida zuwa takwas, in saiwa ta fito, sabon tsiron kaɗai za a shafa wa rini da oksidan mai lamba 20, kada a bi ta kan wanda aka riga aka rina. Allah ya kai mu bikin lafiya, ya sanya alheri.